Kafin Cajin Ya Ƙare

An sha ruwa a Erzurum ƙarfe 6 da 'yan mintuna, amma a Garwa ta Kamaru rana tana da sauran awa biyu cur kafin ta faɗi. Sanusi ya riga ya haddace wannan lissafi. Ya kurɓi miyar da aka zuba masa a ɗakin cin abinci, ya gutsuri burodin nan mai faɗi da Turkawa ke gasawa da azumi, ya ci zaitun biyu don kar a ce bai ci ba, sannan ya ture tiren ya miƙe. Abokin ɗakinsa Emre ya ɗaga masa kofin shayi yana tambaya da ido. Sanusi ya nuna masa waya. Emre ya gyaɗa kai, ya jefa ƙwayar sukari a bakinsa ya bi ta da shayi, yadda mutanen garin suke yi.

Ya hau can ƙarshen matakala, inda ba kowa sai bututun ɗumama ɗaki da wata 'yar taga mai kallon dutsen Palandöken. Watan Maris ne, amma dusar ƙanƙara tana nan jibge a bakin titi, ta yi baƙi da hayaƙin motoci. Wayarsa ta nuna masa digiri 6 ƙasa da sifili. Ya latsa ya duba Garwa, kamar yadda yake yi kullum ba don wani amfani ba: 41.

Lambar Balkisu ya kira, don ita kaɗai ce mai WhatsApp a gidan. Ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ya sake. A na uku aka ɗaga, fuskar ƙanwarsa ta bayyana rabi, ta daskare da baki a buɗe, bayanta katangar gidansu da inuwar dogon yaro.

"Yaya, kashe bidiyon! Ba rezo!"

Ya kashe. Da katangar da bishiyar suka tafi tare.

"Kina ji na?"

"Ina... ka. Tun safe ba kuran, cajina saura 11. Tsaya in je bakin rijiya."

Bakin rijiya ne kawai waya ke kamawa sosai a gidan, ba wanda ya san dalili. Ya ji ƙarar silifas ɗinta, ya ji akuya, ya ji luguden turmi daga gidan maƙwabta, can nesa kuma wani ɗan moto yana ta oda. Ya manna wayar a kunne har ya ji zafi. Da za a bar shi da wannan hayaniyar kaɗai minti goma, da ya gode.

"Ba ni Inna," ya ce.

"Ga Baba dai, ya fito alwala."

Ba a tsallake Baba. Sanusi ya gyara tsayuwa, har da ɗan rusunawa, shi kaɗai a matakala.

"Baba, barka da yamma. Ya ibada?"

Shiru. Ya buɗe baki zai maimaita, sai muryar Malam Hamidu ta iso a makare: "...lafiya lau, ya karatu?" Suka yi karo. Duk suka yi shiru don ba wa juna hanya, sannan duk suka sake farawa tare. Haka suka yi ta yi, ya sanyi, ya mutanen wurin, ya malamanku, kowace tambaya tana cin karo da amsar wadda ta gabace ta. Baba mutum ne da ba ya rage gaisuwa ko da gobara ake yi, balle don caji.

"Jiya na haɗu da malaminku na lise a bakin babbar kasuwa," in ji Baba, layin ya washe kamar da gangan. "Na ce masa injiniyanmu yana nan yana ta fama. Ya ce tun kana aji uku ya san za ka yi nisa. Limamin unguwa ma ya sa ka a addu'a bayan asham."

"Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

Injiniya. Ko ƙofar sashen injiniya bai taka ba tukuna. Wanda ya zo da tallafin karatu ba ya jin Turkanci sai ya yi shekara guda yana koyon harshen, mataki bayan mataki har ya kai C1, sannan a bar shi ya fara abin da ya kawo shi. Sanusi ya fito da sakamako mai kyau a bak ɗinsa, jarrabawar gama sakandare, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, ga Fulatanci ga Hausa. Amma jarrabawar B1 da aka yi makon jiya ta kayar da shi, kuma takardar tana ninke a aljihun rigar sanyinsa. Abin da ya fi faɗuwar ciwo shi ne ba wanda ya yi masa wulaƙanci. Malamar ta dafa tebur ta ce zai sake, Emre ya ce zai riƙa yi masa bita. Kowa kirki, kowa da murmushi, kuma tun watan Oktoba bai sami mutum ɗaya da zai ce wa "kai, yau na gaji" da Hausa ba.

Daga Baba waya ta faɗa hannun Gwaggo Asabe, wadda ta zo daga Ngaundare jinya ta zarce azumi. Gwaggo ba ta yarda murya za ta kai Turkiyya ba sai an ɗaga ta.

"SANUSI! AN CE KUN RIGA MU SHAN RUWA!"

"E, Gwaggo, da awa biyu."

"TO WANNAN AI AZUMIN YARA KUKE YI!"

Ya yi dariya, dariyar gaske, har ta ba shi mamaki. Sai ga autansu Habu yana ihu daga gefe cewa Coton Sport ta ci, kuma a kawo masa rigar Galatasaray. Balkisu ta ƙwace wayar.

"Saura 5, Yaya. Ga Inna, tana suya."

Ya ji kafin ta yi magana: cuuu, ƙullun ƙosai ya faɗa mai. Ya san kaskon, ya san matsamin da hannunsa ya karye aka ɗaure da waya, ya san tana zaune a kan 'yar kujerar nan da ƙafa ɗaya a miƙe saboda gwiwa. Baba kuma, in dai ba a canza tsarin gidan ba, yana kan tabarma taku huɗu daga murhu, yana jan carbi.

"Ɗan nan," ta ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. "Ka sha ruwa lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Me ka ci?"

"Miya da burodi."

"Burodi." Ta bar kalmar ta tsaya ita kaɗai. "Ba kunu?"

"Ba gero a nan, Inna."

Layin ya fara tsatsa, muryarta tana zuwa guntu-guntu. Ya ga in bai faɗa yanzu ba, sai wani makon, kuma wani makon ma haka za a yi. Ya riga ya duba kuɗin jirgi daga Istanbul zuwa Yawunde, ya lissafa na jirgin ƙasa zuwa Ngaundare da na mota zuwa Garwa, ya san ba shi da ko rabinsu. Duk da haka ya faɗa.

"Inna, na faɗi jarrabawa. Ba zan iya ba. Ina so in dawo gida."

Maganarsa ta dawo masa a kunne, muryarsa shi kansa, siririya: dawo gida. Sannan shiru. Man yana ta ƙara a kasko, wannan kam yana jin sa tar.

"Alo?" in ji Inna. "Alo? Ba na jin ka. Balki, wannan abin naku ya sake lalacewa."

"Inna, cewa na yi..."

"Ba na ji, ɗan nan. Ka dai riƙa rufe ƙirjinka. Ka ji? Allah ya yi maka albarka."

Ƙit. Allon ya nuna minti 9 da daƙiƙa 40.

Ya zauna a kan matakala. Ya sake kira, ba ta shiga. Ya rubuta wa Balkisu saƙo, alama ɗaya ce ta fito, ta tsaya nan. Ya yi kukansa gajere, na mutumin da ya san ana iya buɗe ƙofa kowane lokaci, ya goge fuska da hannun riga ya sauka. Emre ya ajiye masa shayi a kan tebur ya rufe da 'yar faranti. Ya yi sanyi, amma ya shanye.

Wajen ƙarfe 4 na asuba agogon sahur ya tashe shi. Saƙon murya biyu ne daga Balkisu, an turo su ƙarfe 1 da rabi agogon Garwa, lokacin da wuta ta dawo ke nan. Ya shige bargo ya sa a kunne.

Na farko Balkisu ce, tana raɗa: "Yaya, Inna ta hana ni barci, ta ce sai kuran ya dawo. Ga ta. Inna, ki danna nan, ki yi magana kawai, ba ya katsewa."

Na biyu minti huɗu ne.

"To. Na ji ka sarai ɗazu. Babanka yana zaune, Gwaggonka tana zaune, ga Balki ta buɗe abin nan da kowa ke ji, Allah ya taimake ni ƙarar mai ta rufe. So kake kafin sallar asham duk unguwa ta ji? Ba a faɗin irin wannan magana a tsakar gida." Ta ja numfashi. "Jarrabawa kuma, ai ba a kanka aka fara faɗuwa ba. Babanka sau nawa ya nemi lasin tuƙi kafin ya samu ya fara jan motar auduga? Tambaye shi wata rana, in yana cikin raha. An ce za ka sake, ko ba a ce ba? Ka sake. In ka sake ka ga abin ya ƙi, ka gaya mini ni kaɗai, ni na san yadda zan shigar da maganar wurinsa. Ban ce ka zauna ka mutu a can ba. Amma ba za ka dawo mini da azumi a baki don kewar kunu ba."

Sai ta koma kan abin da ta fi iyawa. Mijin 'yar Gwaggo yana zuwa Istanbul sarin kaya bayan salla, ta riga ta sa an yi masa magana. Za ta ba shi garin kunu, da kuka, da kuɓewa busasshiya, da yaji, da kilishi in ya yarda ya ɗauka. Ta ce ya dama garin da ruwan sanyi tukuna kafin ya zuba tafasasshe, in ba haka ba gudaji zai yi. Tsamiya kuma ya jiƙa ta tun da rana.

"Ya ce garinku da nisa daga inda yake sauka, sai dai ya sa a mota. To ka rubuto wa Balki sunan wurin daidai, da lambar ɗaki. Kuma ranar Juma'a ka kira bayan an tafi asham, gidan ba kowa sai ni. Balki za ta kai wayar shagon caji tun da rana. Balki, ya ake kashe..."

Sanusi ya saurara har sau biyu. Emre ya leƙo daga gadon sama, gashi a hargitse, ya ce da Turkanci a hankali, yadda yake yi masa magana: in ba su sauka yanzu ba, za a rufe ɗakin cin abinci.

"Geliyorum," in ji Sanusi, wato ina zuwa, yana laluben takalmi da ƙafa. Da ɗaya hannun yana rubuta wa Balkisu adireshin, harafi bayan harafi, ya ƙara da cewa ta kwafe shi yadda yake, kar ta gyara masa rubutu zuwa na Faransanci, kuma ta gaya wa Inna a ƙara daddawa.