Takardar makon farko ga sabon akawun rajista: Litinin 12 zuwa Juma'a 16 ga Mayu, 2025

Daga babban akawu, sashen rajista da shige da ficen kaya, ofishinmu na rarraba taki da iri da ke Sharaɗa, Kano

Malam, barka da zuwa. Allah Ya sa ka shigo a sa'a. Ka zo mana a bakin damina, lokacin da tireloli ke layi a ƙofar sito kuma kowa na cikin sauri, shi ya sa na zauna na rubuta maka wannan takarda don kada ka tsaya jiran wanda zai sami sukunin yi maka bayani. Ka ajiye ta a kan teburinka. Duk abin da ka kammala ka ja masa layi da biro, ranar Juma'a mu bi ta tare.

Litinin: takardunka, makullai da kwamfuta

Ana buɗe ofis ƙarfe 8:00. Ka sa hannu a littafin zuwa da ke wurin mai gadi, ka rubuta lokacin da ka shigo na gaskiya, sannan ka wuce wurin Hajiya mai kula da ma'aikata da waɗannan:

- takardar ɗaukarka aiki, ka sa hannu a kwafi biyu, ɗaya naka ɗaya namu
- hoton fasfo guda 4
- lambarka ta NIN, mai lamba 11
- lambar asusun bankinka mai lamba 10, wanda sunan da ke kansa ya yi daidai da na takardar ɗaukarka
- takardar mai tsaya maka, da sa hannunsa
- lambar asusunka na fansho, in kana da shi

In ba ka taɓa buɗe asusun fansho ba, ka faɗa mata yau. Kai ke da ikon zaɓar kamfanin fanshon da kake so. Bisa dokar fansho ta 2014, ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ɓangarenka, kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10. Na faɗa maka tun yanzu ne don kada ka ga albashin farko ka zaci an yi maka kuskure.

Daga nan ka zo wurina ka karɓi makulli biyu: na durowar teburinka da na kabad ɗin fayil mai lamba 3. Za ka sa hannu a littafin makullai. Ba a yanka musu kwafi a kasuwa, ba a kuma ba wani aro ko da na minti biyar ne. Makullin sito da na akwatin kuɗi ba sa cikin naka, kuma in wani ya miƙo maka su ya ce riƙe mini, ka ba shi haƙuri.

Bayan sallar azahar mai kula da kwamfutoci zai buɗe maka shafinka da adireshin imel na ofis. Zai ba ka kalmar sirri ta wucin gadi, ka canja ta nan take a gabansa ba tare da ya ga sabuwar ba. A nan zan ɗan tsaya, domin a nan ne sababbi suka fi yin sakaci. Duk abin da aka shigar da sunanka, kai ka shigar. In ka ba abokin aiki kalmar sirrinka saboda kunya, ya canja buhu 600 ya koma 560, ranar bincike sunanka za a gani, kuma ba ni da hanyar da zan wanke ka. Kada ka rubuta ta a takarda ka manna a jikin allo. In za ka tashi, ko alwala za ka je, ka danna `Windows + L` ka kulle kwamfutar.

A makon nan izinin dubawa kawai kake da shi a kundin lissafin kaya na Excel. Izinin shigar da bayani zai zo bayan zamanmu na Juma'a.

Talata: gaisuwa da sanin mutane

Da kaina zan zagaya da kai. Za mu fara da Manaja, mu je wurin ma'aji da kashiya, mu gangara sito wurin sitokifa da mataimakinsa, sannan masinja, direbobinmu, shugaban 'yan dako da Baba mai gadi. Ka zo da ɗan littafi ka rubuta sunan kowa da aikinsa.

Kada ka ɗauki gaisuwar bakin ƙofa a matsayin ƙarama. Baba mai gadi ya riga mu duka zuwa wurin nan, kuma yana da nasa littafin da yake rubuta lambar kowace mota da lokacin shigarta da fitarta. Ranar da lissafinka da na sito suka saɓa, littafinsa ne zai raba gardama. Shi ma shugaban 'yan dako ya san buhu nawa mutanensa suka ɗauka, tunda a kan ƙirgen buhu ake biyansu. Ka gaishe su da safe kamar yadda za ka gai da na gaba da kai a gida.

Ka riƙe wa za ka nufa da wace matsala. Abin da ya shafi takarda, fayil ko rajista, wurina. Kuɗi, rasit da biyan diloli, wurin ma'aji. Adadin kaya, wurin sitokifa. Hutu, albashi da rashin lafiya, wurin Hajiya. Manaja ba ya rufe ƙofarsa, amma in ka kai masa abin da ni ban sani ba, wurina zai dawo da kai. In kuwa ƙorafin a kaina ne, ka wuce wurinsa kai tsaye, ba zan riƙe ka a rai ba.

Laraba da Alhamis: aikin kansa

Laraba za ka zauna kusa da ni ka kalla. Alhamis kai za ka riƙe biro, ni in kalla.

Littattafai uku ne a hannunka: rajistar wasiƙun da suka shigo, rajistar waɗanda suka fita, da littafin takardun rakiyar kaya, wato webil kamar yadda direbobi ke cewa. Duk takardar da ta shigo, kafin komai ka buga mata hatimin karɓa, ka rubuta kwanan wata da lokaci, ka ba ta lamba ta gaba a rajista, sannan ta tafi wurin mai ita. Wanda ya karɓa ya sa hannu a littafin masinja. Takarda ba ta kwana a durowarka. Fayil kuma ba ya fita daga kabad sai an rubuta wanda ya ɗauka, ko da Manaja ne ya aiko.

In ka yi kuskure a littafi, ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta daidai a gefe, ka sa hannu. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa, ba a yage shafi. Rajistar da aka ga kuskure an gyara shi a fili ta fi wadda aka goge daraja a idon mai bincike.

Webil ne ya fi bukatar natsuwarka. Buhun taki kilo 50 ne, tirela mai tan 30 tana ɗaukar buhu 600. Kafin ka rubuta komai, abu huɗu sai sun dace da juna: lambar motar da ke takarda da wadda ke jikin motar, irin takin, adadin da ke takarda, da adadin da sitokifa ya ƙirga ya sa wa hannu. Yuriya daban, NPK daban, kuma a cikin NPK ɗin ma 15-15-15 ba ɗaya yake da 20-10-10 ba, farashinsu ya bambanta. Ka rubuta cikakken sunan takin. In an sami buhun da ya fashe ko ya jiƙe, ka rubuta shi a jikin webil tun direba bai tafi ba, shi ma ya sa hannu.

Direba zai ce maka yana sauri, zai kai Dawanau ko Bichi kafin la'asar, ka sa hannu kawai, kayan cif suke. Sau da yawa gaskiya yake faɗa. Duk da haka ka jira ƙirge. A wani wurin da na fara aiki na taɓa sa hannu a kan maganar baki irin wannan, daga baya aka tarar buhu 12 babu, aka yi wata uku ana cirewa daga albashina. Ba kuɗin ne ya fi yi mini ciwo ba, kallon da abokan aiki suka riƙa yi mini ne. Ba na so ka ɗanɗani wannan.

Kowane webil da aka kammala, ka ɗauki hotonsa a na'urar ofis ka ajiye a babban fayil na sashenmu da suna irin wannan:

```
2025-05-15_webil_0147.pdf
```

Shekara, wata, rana, sannan lambar takardar. Ka riƙa adana aikinka akai-akai, domin in an ɗauke wuta akan ɗauki 'yan mintuna kafin a tayar da janareta.

Abin da muke sa rai daga gare ka

Muna tashi ƙarfe 4:30, amma a wannan lokaci na shekara in mota na kan sauke kaya mukan jira ta. Ana rubuta ƙarin lokacin a littafin Hajiya, ka tabbata an sa naka. Ana fita sallar azahar da abinci daga 1:30 zuwa 2:15, bi da bi, don kada a bar rajista babu kowa. Ranar Juma'a muna rufewa 12:30, mu dawo 3:00. In wani uzuri ya taso, ka kira ni kafin 8:00. Saƙon da aka ba wani ya faɗa mini yakan ɓace a hanya.

Sirrin takarda amana ce. A fayilolinmu akwai sunayen diloli, lambobin wayarsu, asusun bankinsu da bashin da ake bin su. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanmu, kuma tun kafin doka, mutunci ya hana. Kada ka ɗauki hoton takardar ofis da wayarka, kada ka tura ta a WhatsApp, kada ka faɗa wa wani dila abin da ɗan'uwansa ya saya ko nawa ake bin sa, ko da a majalisar unguwa ce.

Za a yi maka kyauta. Wani zai ajiye maka kuɗi a kan tebur ya ce na goro ne, don takardarsa ta tsallake layi. Ka yi masa godiya, ka mayar masa cikin girmamawa, ka faɗa mini. Muna bin layi yadda motoci suka shigo. Kuɗin kaya kuma ba ya bi ta hannunka ko kaɗan. Duk mai biya ka nuna masa tagar kashiya.

A makon farko tambaya ba ta yi mini yawa. Na fi son ka tambaye ni abu ɗaya sau uku da ka yi shiru ka yi hasashe. In ka yi kuskure ka faɗa a ranar, tun motar ba ta yi nisa ba.

Juma'a: zamanmu

Ƙarfe 10:00 ka zo da wannan takarda, ɗan littafinka da rajistar da ka cika ranar Alhamis. Zan zaro webil biyar daga kabad in ce ka nemo su a kwamfuta, in ba ka wasiƙa ɗaya ka bi da ita tun daga hatimi har littafin masinja, in kuma tambaye ka wa za ka nufa in adadin sito da na takarda suka saɓa. Kai ma ka zo da naka: abin da bai fito fili ba, kayan aikin da ba ka samu ba, da duk wanda ba mu kai ga gaisawa da shi ba.

In komai ya tafi daidai, zan rubuta wa mai kula da kwamfutoci ya buɗe maka izinin shigar da bayani, kuma ranar Litinin 19 ga wata motar farko da ta shigo taka ce. Ka zo da biro mai shuɗin tawada guda biyu, da shi muke sa hannu don a bambanta asali da kwafi.

Babban akawu, sashen rajista