Saƙon godiya ga uban gasarmu

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe.

A madadin kwamitin shirya gasar ƙwallon ƙafa ta unguwanni a nan birnin Katsina, muna miƙa godiyarmu bisa ɗawainiyar da ka yi mana. Ranar da muka zo wurinka, ƙwallo biyu kacal gare mu, ɗaya ma sai an yi mata faci. Ka sayi riguna na ƙungiyoyi 16, ka sa sababbin raga, ka biya alƙalan wasa, sannan ga kofi da kuɗin kyauta.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ranar wasan ƙarshe tsakanin yaran Ƙofar Marusa da na Rafindadi. Da mai tsaron gidan Rafindadi ya gurɗe a ƙafa, ba ka jira kowa ba, a motarka aka kai shi asibiti, kuma ka biya kuɗin magani. Mahaifiyarsa ta aiko musamman a gaishe ka. Yanzu har ya fara takawa, yana ma cika baki wai da yana fili ba a ci su a bugun fenariti ba.

Mako uku yaranmu suna fili bayan La'asar maimakon zaman majalisa, kuma aka tashi lafiya ba faɗa.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya jiƙan magabata. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu kawo maka hoton ƙungiyar da ta ɗauki kofi.

Naka,
Sakataren kwamiti