Zuwa ga 'yan aji biyu na babbar sakandare: wane ne mai ba da labari a Shaihu Umar?

Assalamu alaikum, ɗalibaina.

Na gama duba gwajin da kuka yi ranar Alhamis. Tambaya ta uku ce ta kayar da yawancinku, wadda ta ce a faɗi mai ba da labari a littafin Shaihu Umar, a kuma kawo hujja. Fiye da rabin aji sun rubuta Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wasu sun rubuta Makau, mijin mahaifiyar Umar. Mutum ɗaya ma cewa ya yi "littafin ne da kansa", to shi wannan sai mun haɗu. Tunda ranar Litinin darasi ɗaya kawai gare mu, na ga gara in rubuta muku bayanin, kowa ya karanta a gida a natse, ya manna takardar a cikin littafinsa na adabi.

Ga amsar a taƙaice. Mai ba da labarin shi ne Shaihu Umar, malamin nan na Rauta kusa da Bauchi, yana zaune cikin almajiransa bayan girma ya kama shi, yana ba su tarihin rayuwarsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne marubucin. Shi ya ƙago Umar, ya sa masa magana a baki.

Na san abin da ya ruɗe ku. Sunan Tafawa Ɓalewa ne a bango, shi mutumin ƙasar Bauchi ne, malamin makaranta ne, ga kuma littafi ya buɗe da wani malami a ƙasar Bauchi yana koyarwa. Da kuka ji ana cewa "ni", sai kuka ɗauka mai alƙalamin ne ke zancen kansa. To ku yi lissafi. An haifi Tafawa Ɓalewa a 1912. Ya rubuta littafin nan yana saurayi, saboda gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Shi kuwa Umar a zamanin hare-haren kama bayi ya tashi, lokacin da ayari ke ƙetare Sahara da bayi, kuma littafin ya ambaci Rabe, wanda ya ci Borno a 1893 aka kashe shi a 1900. Mutumin da ba a haifa ba sai 1912, yaya za a yi a ce shi aka sace yana yaro a wancan zamani? Ba a taɓa sace Tafawa Ɓalewa an kai shi Masar ba. Makarantar horon malamai ta Katsina ya yi, ya dawo Bauchi yana koyarwa, daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya.

Ku tuna lokacin da kakarku ke yi muku tatsuniya, ta maƙe murya ta ce, "Ni Gizo, yau sai na ci naman nan." Ba wanda ya taɓa tashi ya ce kaka ta zama Gizo. Aron bakinsa ta yi. Haka marubuci ke yi a ƙagaggen labari, sai dai shi a takarda ba ka jin sauyin murya, dole ka neme shi a cikin kalmomi.

Yanzu ku ɗauko littafin ku buɗe shafin farko, don akwai abin da ko waɗanda suka ci tambayar ba su lura da shi ba. Ba Umar ne ya fara magana ba. Wata murya ce wadda ba a faɗi mai ita ba ta gabatar mana da shi, ta faɗi garinsu, da iliminsa, da halinsa, da yadda mutane ke zuwa ɗaukar karatu wurinsa. A nan "shi" ake ce masa. Sai almajiri ya tambaye shi asalinsa, ya buɗe baki ya fara amsawa, daga nan "shi" ya koma "ni". Ku sa fensir ku ja layi a daidai wurin da wannan sauyi ya faru, zan bi in duba. Wato littafin labari ne a cikin labari. Na waje gajere ne, aikinsa ya zaunar da mu a gaban Shaihu tare da almajirai. Na ciki shi ne kusan dukan littafin, kuma daga bakin Shaihu yake fitowa. Wanda ya rubuta min wannan a jarrabawa ya nuna ya karanta da idonsa, ba a wurin aboki ya ji ba.

Ga jimloli biyu, nawa ne, ba daga littafin na ɗauko su ba. Ta farko: "Wani mutum ya ɗauke yaron ya shiga daji da shi." Ta biyu: "Wani mutum ya ɗauke ni ya shiga daji da ni." Abu ɗaya ne ya faru, amma a ta farko mai maganar yana gefe yana kallo, a ta biyu kuwa a kansa abin ya faɗa. Akwai kuma wani abu da ta biyun ta tona mana ba da niyya ba: yaron bai mutu a dajin ba, tunda ga shi yana ba da labari. Shi ya sa duk haɗarin da Umar ya shiga, ko na kura, ko na maharan bayi, ko guguwar rairayi a Sahara, mai karatu mai lura ya san zai tsira. Abin da ke riƙe mu shi ne ta yaya ya tsira, da kuma wa ya rasa a hanya.

Masu cewa Makau, na gane inda kuka zame. Farkon littafin ya daɗe a kansa: aurensa da mahaifiyar Umar a Kagara, hassadar da fadawa suka yi masa, sharrin da suka ƙulla masa wurin sarki bayan an dawo daga hari, korarsa, har zamansa a Makarfi. Amma yawan ambaton mutum ba ya mai da shi mai ba da labari. Makau ana ba da labarinsa ne. Ko inda kuka ga yana magana da bakinsa, Umar ne ke kawo mana abin da ya ce.

A nan ne Bilkisu ta yi tambaya a ƙasan takardarta, kuma ita ce tambaya mafi kyau da na samu a wannan zango. Ta ce, "Malam, in Umar ne ke ba da labari, yaya aka yi ya san abin da aka yi a fada alhali yana ɗan ƙarami, da wahalar da mahaifiyarsa ta sha alhali ba ya wurin?" Madalla da ke, Bilkisu. Gaskiya ne, Umar ya ba mu labarin abubuwa da yawa da bai gani ba. Mahaifinsa ma ya rasu tun yana ciki. Bai halarci zaman fada ba. Lokacin da mahaifiyarsa ta bar gida tana nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da bayi, shi yana can wurin Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauke shi daga Kano ya kai shi Ber Kufa a ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗansa. Amsa ɗaya ita ce, wanda ke magana ba yaron ba ne, dattijo ne da ya rayu ya ji daga bakin mutane, kuma ya sadu da mahaifiyarsa kafin ta rasu, don haka ana iya cewa daga wurinta ya ji nata rabon. Wannan amsa ta isa a jarrabawa. Amma ni a ganina ba ta rufe ko'ina ba. Akwai wuraren da Umar ke kawo hirar mutane kalma bayan kalma, har da abin da ke zuciyarsu, fiye da yadda mai jin labari a bakin wani zai iya riƙewa. A irin wuraren nan marubucin ya ara wa Umar sanin da ya fi nasa don labari ya tafi. In kun faɗi haka kuka nuna shafin, ba zan rage muku maki ba, ƙari ma zan yi. Littafi ba ya zubar da daraja don ɗalibi ya gano inda aka yi ɗinki.

Saboda haka ku riƙe cewa Umar biyu ne a littafin. Akwai Umar da abubuwa ke faruwa da shi, yaro sannan saurayi, wanda bai san abin da gobe za ta kawo ba, shi ne tauraron labarin. Akwai kuma Shaihu Umar na Rauta da ya riga ya san ƙarshen komai, shi ne mai ba da labarin. Mutum ɗaya ne, shekaru ne suka raba su.

Me ya sa na damu da wannan har na cika muku takarda? Domin duk abin da muka sani a littafin ta idon Shaihu muka gan shi, shi kuwa malami ne mai haƙuri da ke mai da al'amura ga ƙaddarar Allah, kuma almajiransa yake yi wa magana. Ku lura da yadda yake faɗin abubuwa masu tayar da hankali, satar yaro da cinikin mutane da rabuwar uwa da ɗa, cikin sanyin murya ba tare da kumfar baki ba. Ku dubi Abdulkarim musamman. Mutum ne da ke cikin fataucin da ake sayen bayi a cikinsa, amma a bakin Umar mutumin kirki ne, don shi alheri ya gani a hannunsa, ya samu gata da ilimi. Da ɗaya daga cikin bayin da aka kora a ƙasa cikin ayari ne ya ba da labarin, anya haka za mu ji shi? Da mahaifiyar Umar ce fa? Kada wani ya rubuta min cewa littafin ya nuna bauta ba ta da zafi. Abin da ya sami uwar kaɗai ya isa ya ƙaryata wannan. Sanyin muryar halin mai ba da labarin ne, kuma in mun zo kan jigo mako mai zuwa za ku ga amfanin rarrabe mai ba da labari da marubuci.

Aikin gida: ku zaɓi wuri ɗaya daga tafiyar mahaifiyar Umar, ku sake rubuta shi da bakinta, tana cewa "ni", kada ya wuce shafi ɗaya. A ƙasa ku ƙara jimla biyu ko uku kuna faɗin abin da ya sauya da aka canja mai ba da labarin. A ba Nura, shugaban aji, kafin a shiga darasin farko ranar Litinin. Waɗanda ba su da littafin su zo ofishin malamai gobe da lokacin tara, akwai kwafi huɗu da zan ba da aro, a dawo min da su ba tare da an yi rubutu da biro a ciki ba.

Allah ya ba da sa'a.

Malaminku na Hausa,
Malam Sani