Ramatu ta gama jami'a: rubutun bidiyon taya murna na minti biyu

Habibu, ga rubutun kamar yadda na yi maka alkawari. Za mu haska bidiyon a tsakar gida ranar Asabar bayan sallar isha'i, kafin a raba abincin walima, daga baya a tura wa dangi na Maraɗi da Yamai da Kano ta WhatsApp. Ramatu ba ta san da shi ba, don haka ka rufa mini asiri, ko Kaka kada ka gaya wa dalilin ɗaukar. Hotunan suna cikin wayata, muryar kuma zan ɗauka da dare idan unguwa ta yi shiru. Minti biyu nake so cif, saboda ya buɗe a wayar kowa ba tare da ya cinye masa kuɗi ba.

KASHI NA ƊAYA (0:00 zuwa 0:13)

Hoto: Birni da sassafe. Ka hau kan duwatsun nan ka ɗauko rufin gidaje daga sama, sannan ka sauko cikin lungunmu, inda bangon ƙasa mai zane yake. Idan ka yi sa'a yaran lakkwal sun biyo da jakunkunansu, ka ɗauke su ta baya, kada fuskar ɗan kowa ta fito. Ka tsaya a ƙofar gidanmu.

Sauti: carar zakara da sharar tsakar gida. Kiɗa bai shigo ba tukuna.

Murya, Zuwaira: Assalamu alaikum. Ni ce Zuwaira, yayar Ramatu. Ni na goye ta, ni na kai ta lakkwal ranar farko a 2006. Saboda haka yau kowa ya yi haƙuri, ni ke da magana.

Rubutu a fuskar bidiyo: Birni, Damagaram

KASHI NA BIYU (0:13 zuwa 0:32)

Hoto: jakar fatar da Baba ya ɗinka mata. Tana cikin akwatin Inna, ƙarƙashin zannuwa, na riga na ciro ta. Ka shimfiɗa ta bisa tabarma inda rana ke bugawa, ka matso da kyamara sosai. Ina so a ga jan fatar da ta koɗe a gefe, da ɗinkin kore da Baba ya zagaye bakinta da shi, da tabon shuɗin bik ɗin da ya fashe a ciki tana aji uku, wanda har yau bai fita ba. Igiyar ta taɓa tsinkewa, Baba ya haɗe ta da wata fata mai duhu. Nan nake so ka daɗe, don duk wanda ya san aikin dukanci zai gane hannun mutum ɗaya ne ya yi ɗinkin farko da na gyara. Daga nan sai hannuwan Baba a rumfarsa, yana huda fata da basilla. Hannun kawai, ba ya son a ɗauki fuskarsa yana aiki.

Sauti: gurmi ya shigo a hankali, ƙasa da muryata.

Murya, Zuwaira: Wannan jakar Baba ya ɗinka. Ta fi Ramatu faɗi, idan tana tafiya sai ka ga jaka da ƙafafu biyu. A ciki akwai allo, da alli, da alkakin Inna guda biyu. Allon yana dawowa gida lafiya. Alkakin ko kwanar fada bai taɓa kaiwa ba.

KASHI NA UKU (0:32 zuwa 0:49)

Hoto: tsohon hoton nan na sallah, tana tsaye gaban fadar Sarkin Damagaram da ɗankwalin da ya rufe mata ido ɗaya, ta ɗaga yatsa sama. Bayansa kayenta na firamare, shafin da mushe ya rubuta da jan bik cewa tana da ƙoƙari amma ta cika tambaya. Ka bar shafin ya ɗan jima yadda masu karanta Faransanci za su karanta su yi dariya su fassara wa na kusa da su.

Murya, Zuwaira: Tun tana ƙarama ba ta barin kowa ya huta. Me ya sa famfo ba ya kawo ruwa? Me ya sa ga-ruwa ya ƙara kuɗi? Ina ruwan sama ke tafiya?

Murya, Kawu Sani, yana zaune a ƙofar gida da kofin shayi: Ni dai in na hango ta, sai in tuna ina da aike a kasuwar Dole.

Kawu ya faɗi wannan da bakinsa ranar suna, ka sa ya maimaita. Idan ya fashe da dariya a tsakiya kada ka yanke, dariyar ta fi maganar daɗi.

KASHI NA HUƊU (0:49 zuwa 1:06)

Hoto: ƙofar Lise Amadu Kuran Daga daga bakin hanya, sakan biyu ya isa. Sai ɗakinmu da dare: tabarma, tulin kaye, fitila mai caji jingine da kwanon sha, Inna zaune a bakin ƙofa tana murɗa alkakin da za ta kai kasuwa da safe. Haka take zama a lokacin, ba sai ka koya mata ba. Ta ce ba za ta sa sabon zane ba, tunda a wancan lokacin ma ba da sabon zane take zama ba, kuma ina ganin gaskiyarta. Ƙarshe sai ɗan bidiyon da na ɗauka ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci bak. Yana rawa, rabinsa ƙasa ce da takalman mutane, amma guɗar Gwaggo Hajara tana ciki, ita nake so.

Murya, Zuwaira: Shekarar bak, in an ɗauke wuta, ga fitila. In barci ya zo, ga Inna a bakin ƙofa. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san ranar kowace jarrabawa, kuma ba ta kwanciya sai Ramatu ta rufe kaye.

Sauti: ka tsayar da gurmi, guɗa ta fito ita kaɗai.

Rubutu a fuskar bidiyo: Bak, 2019

KASHI NA BIYAR (1:06 zuwa 1:30)

Hoto: allon Jami'ar André Salifou. Sai hotunan da ƙawarta Balki ta turo mini na lokacin binciken mastar: Ramatu a Garin Malam da Kara-Kara cikin zafin watan Afrilu, hijabinta ya yi fari da ƙura, tana tsugune kusa da layin jarkoki masu ruwan ɗorawa tana rubuta abin da mata ke gaya mata. Akwai wanda take bayan kabu-kabu ta rungume takardu da hannu biyu, mai babur ɗin yana waiwaye. Akwai kuma taswirar da ta zana, mai nuna garin da filin rijiyoyin Gogo da Macaya inda ake turo ruwa. Ka nuna taswirar a fili. Wannan kashin ya fi kowanne tsawo da gangan, don mutane da yawa a dangi sun san tana jami'a amma ba su san me take karantawa ba, ni kuma ina so su sani.

Murya, Zuwaira: A jami'a ta karanta labarin ƙasa, ta ɗauki tambayarta ta yarinta ta bi ta gida-gida. Nawa kuke sayen jarka? Wa ke tashi tsakar dare ya tari famfo? Ta dawo ta bayyana mana cewa Damagaram bisa dutse take zaune, shi ya sa rijiyar cikin gari ba ta wadatarwa, sai an jawo ruwa daga nesa.

Hoto: Kaka bisa kujerarta ƴar tsugunno, da carbi.

Murya, Kaka: Wannan ai tun ina budurwa na sani. Amma ita ta sa a takarda, manya za su karanta.

KASHI NA SHIDA (1:30 zuwa 1:46)

Hoto: ranar sutnans. Ramatu tsaye cikin baƙar riga, malamai uku zaune a gabanta da littafinta buɗe. Ka nemo wurin da aka yi mata tambaya ta ɗan yi shiru, ta gyara tsayuwa, sannan ta amsa. Sai lokacin da aka ce kowa ya miƙe za a faɗi sakamako. A nan ka juya kan Baba. Ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Inna tana gefensa ta riƙe bakin mayafi tana motsa leɓe da addu'a. Kada ka sa wata kwalliya ko furanni a kan wannan wurin, ka bar shi yadda yake.

Murya, Zuwaira: Ranar sutnans, yarinyar da ta gajiyar da unguwa da tambaya, ita aka tsayar ana tambaya. Ta amsa duka, ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce ƙura ce ta shiga idonsa. Mun yarda, Baba.

Rubutu a fuskar bidiyo: Mastar, labarin ƙasa, 17/20

KASHI NA BAKWAI (1:46 zuwa 2:00)

Hoto: tsakar gida da rana, kowa ya taru. Baba da Inna a tsakiya, Kaka a kujerarta, Kawu Sani, Gwaggo Hajara, yara a gaba. Ni zan fito a nan karo na farko, ina kallon kyamara. Mu yi wannan ɗaukar ranar Juma'a da la'asar, Balki za ta ja Ramatu zuwa wajen tela, muna da kamar awa ɗaya.

Sauti: gurmi ya dawo, ya ɗan ƙara sauri.

Murya, Zuwaira: Ramatu, ƙanwata, autar Inna, kin fid da mu kunya. Allah ya sa albarka, ya ba ki aikin da zai amfani garinmu.

Murya, kowa tare: Amin! Barka, Ramatu!

Murya, ƙaramin Abba, yana kutsowa gaban kyamara: Anti, yanzu za a kawo ruwa?

Hoto: kowa na dariya, Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Ka yanke a kan guɗar tana tsaka da tashi.

Rubutu a fuskar bidiyo: Daga Yaya Zuwaira da dukan gida

Abba shekararsa biyar, kada ka matsa masa ya haddace. Ka tambaye shi kawai me Anti Ramatu ta karanta, abin da ya faɗa mini ke nan da na tambaye shi, kuma na tabbata zai sake faɗa. Idan ka haɗa ya zarce minti biyu, ka rage hoton duwatsu na farko, amma jaka da Kaka kada ka taɓa su. Ka turo mini in gani ranar Juma'a da dare, ka kuma zo da dogon waya da lasifikar Kawu, don bangon ɗakin Inna za mu haska a kai.