Tsarin ɗaukar taƙaitaccen fim na Hawan Daushe, Kano

Zuwa ga masu kyamara uku, da mai ɗaukar sauti, da mai tace hoto.

Fim ɗin da aka ba mu aikinsa bai wuce minti huɗu ba, kuma babu mai sharhi a cikinsa, don haka hoto da sautin wurin ne za su yi bayani. Hawan Daushe yana zuwa ne washegarin Sallah, ranar 2 ga Shawwal, kuma tun da ranar ta dogara ga ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi, kowa ya ajiye kwana biyu a jere ba tare da ya karɓi wani aiki ba. Duka kyamarorin za su ɗauka a `1080p50`, domin mai tacewa ya samu damar rage gudun hoto a wurin sukuwa.

Buɗewa, daƙiƙa 30. Fim zai fara da birnin kafin hayaniya. Kyamara ta uku za ta hau Dutsen Dala bayan sallar asuba ta ɗauko fitowar rana a kan rufin gidaje, sannan ta sauko ta ɗauki Ƙofar Kudu ta gidan Sarki tun filin babu kowa. A kan wannan hoton za a ɗora rubutu layi biyu kacal: cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina wannan gida, da kuma cewa UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2024.

Shiri, daƙiƙa 50. Mun samu izinin shiga gidan wani hakimi da hantsi, kuma kyamara ta biyu ce za ta je. Abin da ake bukata a nan hoto ne na kusa ƙwarai: hannun mai kula da doki yana ɗaure sirdi, yana gyara linzami, yana shimfiɗa jalala, ƙafa tana shiga likkafa, yaron da aka naɗa wa rawani a karon farko yana taɓa shi don ya ji ko ya zauna. Naɗin rawanin hakimin a ɗauke shi daga farko har ƙarshe ba tare da an yanke ba, ko da daƙiƙa biyar za a yi amfani da su, domin ba a san wane zagaye ne zai fi kyau ba sai an zauna tacewa. Ba a shiga cikin gida wurin iyali sai mai gidan ya ce a shiga, kuma duk matar da ta kau da fuska, a sauke kyamara.

Fitowar Sarki da zagayen gari, minti ɗaya. Bayan la'asar Mai Martaba zai fito ya nufi Babban Ɗaki domin gaisuwar mahaifiya, wanda shi ne jigon wannan hawa, daga nan ya zaga ta unguwanni ya dawo Ƙofar Kudu. Kyamara ta biyu ita kaɗai za ta bi wannan tafiya, a ƙasa, daga gefen hanya. Dole ta samo tashin bindigogin gargajiya da hayaƙinsu, da mai busa kakaki a lokacin da ya ɗaga shi sama, da kumatun mai algaita, da dogarai cikin jajayen riguna masu ratsin kore, da 'yan lifida da 'yan sulke, da laimar Sarki tana juyawa a kan taro. Haka nan ana son fuskokin 'yan kallo guda biyar ko shida, musamman yaran da ke kan katanga da tsofaffin da ke jinjina. Ba za mu nemi shiga Babban Ɗaki ba. Hoton dawakai suna jira a ƙofa ya wadatar, kuma a ganina ya fi mutunci. Mai wannan kyamara ya bar ayarin da wuri ya yanke ta lungu, domin idan ya jira sai an gama, cunkoso ba zai bar shi ya iso fada ba.

Ƙofar Kudu, minti ɗaya da daƙiƙa 20. Nan ne zuciyar fim ɗin, kuma nan ne kuskure ba ya gyaruwa. Kyamara ta ɗaya za ta kafu a kan ƙafarta tun ƙarfe uku, a wuri mai tudu da ke kallon tsawon filin, kuma ba za ta motsa ba har a tashi, duk abin da ya faru a wani gefe. Ita za ta ɗauki wucewar hakimai da jama'arsu ɗaya bayan ɗaya. Mataimakin mai kyamarar ya riƙe takarda yana rubuta sarautar kowane hakimi da lokacin wucewarsa, saboda idan aka rubuta Madaki a ƙarƙashin hoton Makama, wannan kuskuren kaɗai za a tuna da fim ɗin, kuma fada ba za ta sake buɗe mana ƙofa ba.

Hoton da ba a yafe rashinsa shi ne jafi. Mahaya za su taho a guje cikin sahu, su ja linzami dab da inda Sarki yake, su ɗaga hannu su yi jinjina, Sarki ya amsa. Ana son wannan ta fuska biyu a lokaci guda: kyamara ta ɗaya ta riƙe filin gaba ɗaya, ta uku kuma ta durƙusa ƙasa a bayan layin masu tsaro ta kama kofato da ƙurar da ke tashi sa'ad da doki ya turje. Kada mai kyamara ta uku ya bi dokin da hannu. Ya tsayar da hoton a inda za su tsaya, ya bar su su shigo ciki da kansu. Kyamara ta biyu, idan ta iso, aikinta ɗaya ne, wato ta tsaya a kan Sarki ta jira amsawarsa. A wani hawa da na taɓa ɗauka, batir ya mutu daidai lokacin da sahun farko ya taso, na sunkuya ina canzawa, na ɗago na tarar da ƙura kawai. Saboda haka da zarar an ji bindigar da ke nuna Sarki ya kusa, kowa ya sa sabon batir da sabon memori, ko da na ciki bai ƙare ba.

Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida da rabi, kuma sau da yawa jafi yakan kai lokacin da haske ya fara ja baya, ga ƙura ta cika sama. Kowa ya duba haskensa bayan kowane minti goma, kuma a rufe gilashin kyamara da ƙyalle tsakanin ɗauka da ɗauka. Kyamara mai tashi sama ba za ta tashi ba sai da rubutaccen izinin fada da na jami'an tsaro, kuma ko an samu, da safe kaɗai za a yi amfani da ita, domin ƙararta tana firgita dawakai.

Mai ɗaukar sauti ya ware kansa daga masu kyamara. Muna bukatar minti biyu cikakku na tambari, da na kakaki, da na algaita, kowanne daban, da kirarin maroƙa, da muryar dogarai suna cewa "Sarki ya gaishe ku". Ba za a ɗora wata waƙa daga waje ba.

Rufewa, daƙiƙa 20. Sarki yana juyawa ya shiga gida, laima ta ɓace a cikin ƙofa, sannan a koma kan filin yana watsewa, wani bawan Allah yana jan doki mai gumi da sirdi a kwance. Kyamara ta ɗaya kada ta kashe sai an kira magariba. Bayan sallah kowa ya kawo memorinsa hannuna, za a kwafe su a wuri biyu kafin a rabu.