Wasiƙa zuwa ga Malamina: Roƙon Takardar Shaida don Tallafin Karatu na Chevening

Haɗeja, Jihar Jigawa
Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan Malam yana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali, da fatan kuma aikin Sashen Nazarin Labarin Ƙasa yana tafiya yadda ake so. Sunana Hadiza Usman, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kammala digiri na farko a sashen, a Jami'ar Bayero ta Kano, a shekarar 2019. Na san ɗalibai da yawa sun ratsa ta hannun Malam tun daga wancan lokaci, don haka zan fara da tunatarwa kafin in zo ga abin da ya sa na rubuto.

Malam ya koyar da mu darasin ilimin ruwa da koguna a aji uku, sannan a aji huɗu Malam ne ya duba kundin digirina, wanda na rubuta a kan yadda ciyawar kacalla ke toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, da abin da hakan ya jawo wa manoma da masunta. Wataƙila Malam zai fi tuna ni da ranar da na kawo babi na uku ofis, na rubuta cewa manoma ne suka bar ciyawar ta mamaye gonakinsu saboda sakaci. Malam ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar, ya tambaye ni ko manomi nawa na zauna da su kafin in yanke musu wannan hukunci. Na koma gida na shafe mako uku ina bin ƙauyukan da ke bakin mashigin Marma, wasu wuraren sai da kwale-kwale, na dawo da fahimtar cewa tushen matsalar yana can sama. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ana sako ruwa a kogin Haɗeja har cikin rani, kuma ruwan da ba ya ƙafewa shi ne abin da kacalla ke so, shi ya sa ta samu wurin zama ta hana shi gudu. Wannan gyara ya sauya kundin gaba ɗayansa, kuma a kansa nake tafiya a aikina har yau.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne, na nemi tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa domin yin digiri na biyu na shekara ɗaya a jami'o'in ƙasar, kuma cikin ikon Allah an sanar da ni cewa ina cikin waɗanda za a gana da su. An sa mini ranar Talata, 18 ga Maris, a Abuja. Daga cikin sharuɗɗan akwai gabatar da takardun shaida guda biyu daga mutanen da suka san ni ta fuskar karatu ko aiki. Shugabar wurin aikina ta amince za ta rubuta ɗaya, wadda za ta yi magana a kan aikin da nake yi yanzu. Ta biyun ita ce nake roƙon Malam ya taimaka ya rubuta mini, domin a duk malaman da suka koyar da ni babu wanda ya ga yadda nake bincike da rubutu kusa da kusa kamar Malam, tun daga daftarin farko mai cike da kurakurai har zuwa ranar kare kundin.

Ya kamata in sanar da Malam inda na kwana tun bayan rabuwarmu, don kada in sa Malam ya yi shaida a kan abin da bai sani ba. Na yi bautar ƙasa a Jihar Neja, inda na koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata. Daga 2021 zuwa yau ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke tallafa wa manoman rani a Jigawa, kuma aikina shi ne tattara bayanai a kan rabon ruwa tsakanin gonaki da zama da ƙungiyoyin manoma idan saɓani ya taso. Tallafin yana neman aƙalla shekara biyu ta ƙwarewar aiki, wato awa 2,800, kuma na haura wannan. Kwasa-kwasai uku na zaɓa kamar yadda aka tanada, a jami'o'in Cranfield da Newcastle da Oxford, dukkansu a fannin kula da albarkatun ruwa. Wanda ya samu tallafin wajibi ne ya koma ƙasarsa na aƙalla shekara biyu bayan ya gama, ni kuwa dama niyyata in dawo kan wannan kogi namu, domin garinmu ya sha ambaliya a 2020 da 2022, alhali wasu gonakin da ke ƙasa da mu ruwa ba ya isa gare su saboda toshewar hanya.

Na haɗo takardu biyar da wannan saƙo, duk a tsarin PDF, na kuma sa musu lamba daga ɗaya zuwa biyar domin sauƙin buɗewa ko a waya. Ta farko ita ce takardar tarihin karatuna da aikina, shafi biyu, kuma lambar wayata tana samanta. Ta biyu ita ce takardar sakamakon darussana na shekara huɗu tare da kwafin shaidar digiri, inda Malam zai ga lambar rajistata da matakin da na fita da shi, wato mataki na biyu babba, da maki 4.12 cikin 5. A nan akwai abin da nake so in faɗa da bakina kafin Malam ya gani: a zangon farko na aji biyu na faɗi darasin ƙididdiga, saboda jinyar da na yi a lokacin jarrabawa, na sake shi a shekara ta gaba na samu B. Ban ɓoye wannan a takardun neman ba, kuma ba na roƙon Malam ya kare ni a kansa. Na ambata ne kawai don kada ya zo wa Malam ba zato.

Ta uku ita ce taƙaitaccen bayanin kundin digirina tare da babi na huɗu, wanda ke ɗauke da taswirar da na zana ta wuraren da kacalla ta rufe da kuma sakamakon hirar da na yi da manoma arba'in da biyu. Ban turo kundin duka ba don kada in cika wa Malam akwati, amma yana hannuna idan ana bukatarsa. Ta huɗu ita ce amsoshin da na rubuta a fom ɗin neman tallafin, a kan jagoranci, da ƙulla alaƙa da mutane, da dalilin zaɓen kwasa-kwasan, da shirin aikina bayan karatu. Ita ce nake ganin za ta fi amfani, domin masu ganawar za su ajiye ta gefe ɗaya da takardar Malam, su duba ko abin da na faɗa game da kaina ya yi daidai da abin da wanda ya koyar da ni ya gani. Ta biyar kuwa kwafin ƙa'idojin da masu tallafin suka gindaya wa masu rubuta shaida ne, kamar yadda suke a shafinsu.

A taƙaice, suna so takardar ta kasance da Turanci, a yi ta zuwa ga Chevening Secretariat, a kan takarda mai tambarin jami'a, da sa hannun Malam da muƙaminsa da hanyar da za a tuntuɓe shi. Suna so a bayyana tun yaushe Malam ya san ni kuma a wane matsayi, da ra'ayin Malam a kan ko zan iya ɗaukar nauyin karatu mai tsanani a Birtaniya, da abin da Malam ya gani na jagoranci da mu'amala da jama'a a tare da ni. A kan wannan na ƙarshe, idan Malam ya ga ya dace, akwai tafiyar nazarin fili da ajinmu ya yi zuwa Kadawa a aji uku, inda aka ɗora mini jagorancin rukunin mutum tara da muka auna gudun ruwa a ƙananan magudanai, muka kuma tattauna da masu noman tumatir da shinkafa. Na kawo wannan a matsayin tunatarwa kawai. Abin da Malam ya sani ya kuma gamsu da shi, shi nake so ya shiga takardar, ko da ya haɗa da wuraren da nake da rauni.

Game da lokaci, ni ce zan ɗora takardar a shafin neman tallafin kafin ranar ganawa, don haka zan so ta iso hannuna zuwa Juma'a, 28 ga Fabrairu, kafin a shiga azumi, lokacin da na san ayyuka kan taru wa Malam ga kuma ibada. Idan ya fi sauƙi, Malam zai iya turo hotonta ta wannan adireshin imel. Idan kuma Malam ya fi son mu gana tukuna, a shirye nake in taso daga Haɗeja in zo ofis a sabuwar jami'a duk ranar da aka ba ni, in zo da ainihin takardun domin a gani da ido. Da yardar Malam, zan kira a waya ranar Litinin mai zuwa, 17 ga wata, don in tabbatar saƙon ya iso kuma takardun sun buɗe.

Na san wannan roƙo nauyi ne a kan Malam, kuma sunan Malam ne zai tsaya mini a gaban mutanen da ba su taɓa ganina ba. Saboda haka, idan lokaci bai ba da dama ba, ko kuma Malam yana ganin shekarun da suka wuce sun yi yawa har ba zai iya yin shaida da cikakkiyar natsuwa ba, ina roƙon a sanar da ni cikin wannan mako, domin in samu sararin tuntuɓar wani daga cikin malamanmu. Hakan ba zai rage komai daga girman da Malam yake da shi a wurina ba. Duk yadda ganawar ta kasance, zan rubuto in sanar da Malam sakamakon, in sha Allahu.

Mahaifina, wanda ya raka ni ƙauyukan Marma a wancan lokaci, ya ce in isar da gaisuwarsa. Allah ya saka wa Malam da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuriya.

Wassalam.

Ɗalibar Malam,
Hadiza Usman
Ajin 2019, Sashen Nazarin Labarin Ƙasa