Batun gurbin jami'in tsara sufuri na Apapa, daga wanda ya zo na biyu a intabiyun watan Maris

Assalamu alaikum Hajiya,

Barka da aiki, ya iyali, ya fama da jama'a? Da fatan komai lafiya.

Sunana Sadisu, mazaunin Agege. A watan Maris ofishinku ya gabatar da ni ga kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Oregun, Ikeja, a gurbin mai kula da sito. Na kai zagayen ƙarshe, aka ɗauki ɗaya mutumin, kika kira ni da kanki kika ce ni ne na biyu, kuma in na ga wani gurbi da ya dace in taɓa ki. Na san waɗanda kika tantance daga lokacin zuwa yau ba su ƙirguwa, shi ya sa na turo wannan saƙo a ƙarƙashin tsohuwar wasiƙarmu, ki ga abin da ya gabata ba sai kin yi bincike ba.

Ranar Litinin na ga sanarwar da ofishinku ya fitar ta neman jami'in tsara sufuri, wanda zai kula da fitar da kwantenoni daga tashoshin jirgin ruwa na Apapa da Tin Can da kuma lodin manyan motoci zuwa Arewa. Ina so ki duba ni a wannan gurbi.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne bayanin da kika isar mini daga kwamitin intabiyu. Sun ce na fi ƙarfi a harkar motoci da direbobi fiye da lissafin kayan cikin sito, sannan ban taɓa aiki da SAP ba, wato manhajar da kamfanoni ke lissafin kaya da ita, wanda aka ɗauka kuwa ya daɗe a kansa. Magana ta farko ita ce ainihin abin da wannan sabon gurbi yake nema. Ta biyun kuma ta canza: tun watan Yuni inda nake aiki aka koma SAP, kuma ni ke shigar da karɓar kaya da fitarsu da canjin sito a kullum. Ba zan ce na ƙware a duk sassan manhajar ba, amma a ɓangaren kaya da sufuri a shirye nake a zaunar da ni gaban kwamfuta a gwada.

Sanarwar ta ambaci rage kuɗin jinkiri a tashar jirgin ruwa, to bari in ɗan tsaya a nan, don shi ne aikin da nake yi yanzu. Kuɗin nan iri biyu ne, kuma sau da yawa akan haɗa su a lissafi ɗaya har a kasa gane ta ina asara take shigowa. Akwai na kamfanin jirgi, wanda yake fara hawa da zarar kwanakin kyauta sun ƙare, akwai kuma na ajiya da masu tasha suke karɓa. Bayan an fito da kaya ma ba a gama ba, don in fankon kwantena ya makale a kan mota ba a samu wurin mayar da shi ba, daga kuɗin jinginar da aka ajiye wa kamfanin jirgi a kan kwantenar za a yi ta cirewa. Yawancin jinkirin tun daga takarda yake farawa: bayanin kaya a Form M, wato takardar neman shigo da kaya, ya saɓa da na takardar lodin jirgi, PAAR, wato rahoton kimanta kaya na kwastam, ya ƙi fitowa a kan lokaci, ko kuma a samu izinin ɗaukar kaya alhali ba a yi wa mota rajista a Eto, manhajar kiran motoci zuwa tasha, ba. Tun da aka kawo tsarin Eto a 2021, mota ba ta shiga tasha sai da tikiti, kuma in lambar mota ko takardunta ba su yi daidai da abin da ke cikin manhajar ba, a ƙofa za a juyo da ita. Yadda nake yi shi ne kowace kwantena tana da layinta a Excel tun kafin jirgi ya iso, da ranar da kwanakin kyauta za su ƙare, da motar da aka ware mata da wata ta ko-ta-kwana, sannan a san inda za a kai fanko kafin a ɗauki cikakkiya.

Ta ɓangaren Arewa, na saba da lodin Kano da Kaduna da Sakkwato, ta Jebba da Mokwa ko ta Lakwaja, gwargwadon halin hanya a wannan mako. Mafi yawan direbobin tirelan da muke hulɗa da su Hausawa ne. Direba in ya tsaya a Ogere ya ce taya ce, wanda ya san harkar zai gane ko tayar ce da gaske ko kuɗin mai ne bai kai ba, kuma zai san yadda zai yi masa magana ba tare da an yi baram-baram ba. Ina jin Yarbanci daidai na aiki, wanda yake taimakawa da masu lodi da 'yan ƙungiya a bakin ƙofa.

Na haɗo sabuwar takardar tarihin aikina, don Allah a ajiye ta a madadin ta Maris, kuma na amince ofishinku ya riƙe bayanaina ya nuna wa wannan kamfani. Sai dai ina roƙon kada a tuntuɓi inda nake aiki yanzu sai magana ta kai ga tayi. Masu ba da shaida a kaina su ne dai mutum biyun da na bayar a baya, na sake neman izininsu a wannan mako, kuma ina da masu tsaya mini biyu a nan Legas in kamfanin yana buƙata. Yarjejeniyata ta ce in ba da sanarwar wata ɗaya kafin in ajiye aiki, ke nan daga ranar da na sa hannu a takardar tayi sai a lissafa wata guda. Maganar albashi, a Maris mun tsaya a kan naira dubu 450 a wata kafin cire haraji da fansho. Wannan aiki yana da zirga-zirgar Apapa da tsayuwar dare, don haka ina sa ran dubu 520 zuwa 550, ko kuma a bar shi kusa da na da in kamfani zai ɗauki kuɗin mota da na waya. Na faɗa tun yanzu ne don kada in ɓata miki lokaci in kasafinsu bai kai nan ba.

Tambayoyi biyu gare ni. Sanarwar ba ta faɗi sunan kamfanin ba, to in shi ne dai na Oregun, shin jarrabawar da na rubuta a Maris tana nan da amfaninta, ko sai na sake daga farko? Na biyu, ban cike fom a ko'ina ba tukuna, da gangan. Na san in sunan mutum ya iso wa kamfani ta hanya biyu, ta ofishinku da kuma ta shafinsu, rigimar wa ya kawo shi takan sa a ajiye takardarsa gefe. Ki faɗa mini hanyar da kike so in bi.

In za ki samu minti goma a waya, ina samuwa kowace rana daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu na rana, ban da Juma'a, ko bayan ƙarfe shida na yamma. Lambata ba ta canza ba. In kuma kin fi so in zo ofis, zan iya zuwa Ikeja da safe kafin in wuce wurin aiki. Sanarwar ta ce za a rufe karɓar takardu ranar 24 ga wata, don haka in ban ji daga gare ki ba zuwa Laraba mai zuwa zan sake turo gajeren saƙo sau ɗaya. Idan kin ga gurbin bai dace da ni ba, ki gaya mini kai tsaye, ba komai, sai dai a bar sunana cikin waɗanda za a tuna in wani aikin sufuri ko na sito ya taso.

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Wassalam,
Sadisu
Agege, Legas